Darasin Zane da Ruwan Zoɓo: Yadda Malami Zai Shirya Shi Daga Kicin Zuwa Aji

A manhajar makarantun firamare ta Najeriya, wadda hukumar NERDC take tsarawa, an haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo wuri guda a matsayin darasin al'adu da fasaha. A takarda abin ya tsaru. Littafin ɗalibi yana nuna akwatin fenti mai kala goma sha biyu, da buroshi manya da ƙanana, da farar takarda mai kauri. Amma malamin aji huɗu da yake da yara sittin a gabansa ya san babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kabad ɗin makaranta. Abin da yakan faru shi ne ya juya wa yara baya, ya rubuta sunayen launuka a allo, su kwafa, a ƙarshen zango a tambaye su abin da ja da shuɗi suke bayarwa idan an haɗa. Yaro zai ci jarrabawar, alhali bai taɓa ganin launi biyu sun haɗu a hannunsa ba.

Ana iya yin darasin launi na gaske da kayan da suke cikin kicin da kasuwar unguwa: zoɓo, lemon tsami, kanwa, gawayi da ƙaro. Sai dai akwai sharaɗi. Kayan gida ba sa bin umarnin littafi, suna da nasu halin, kuma malamin da ya rubuta tsarin darasinsa kafin ya gwada kayan zai sha kunya a gaban yara. A nan shiri yana farawa ne daga kaya, sannan a gina manufar darasi a kan abin da kayan suka nuna za su iya.

Ga misali. Littafi ya ce ja da shuɗi suna ba da shunayya. Malami ya samo jan ƙasa daga bayan gari, ya sayo bula ta wanki, ya haɗa su a gaban aji. Abin da zai fito wani ruwan ƙasa ne mai duhu, irin na kwata. Ba ƙaryar littafi ba ce, kuma ba laifin malami ba ne. Jan da ke cikin jangargari tsatsar ƙarfe ce, ja ce mai karkata zuwa ruwan goro, kuma irin wannan ja ba ta ba da shunayya mai kyau ko da fentin kanti ne. Saboda haka darasin haɗa manyan launuka uku ba shi ne ya dace a fara da shi ba idan kayan gida za a yi amfani da su. Akwai wanda ya fi shi dacewa, kuma ya fi shi ɗaukar hankalin yara: fitar da launi uku daga ruwa guda.

Abin da ke cikin zoɓo

Jan da ke cikin zoɓo wani sinadari ne da yake sauya kala gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Idan ya gamu da abu mai tsami, kamar lemon tsami, sai ya yi ja mai haske ko ruwan hoda. Idan ya gamu da kishiyar tsami, wato irin su kanwa ko ruwan toka, sai ya juya ya bi ta shunayya da shuɗi mai toka-toka ya kai kore. Matan da suke dafa zoɓo sun san rabin wannan labari, domin sun saba ganin yadda yake ƙara haske in an matsa masa lemo.

Akwai wani abu kuma da yakan ba malami mamaki a gwajin farko. Zoɓon da yake ja jawur a cikin kofi, da an shafa shi a farar takardar ofis, sai a ga yana bushewa yana komawa shunayya ko wani shuɗi mai duhu. Dalili shi ne yawancin farar takarda ta zamani ana zuba mata garin alli wajen yin ta, shi kuwa alli yana ɓangaren su kanwa ne, ko da yake bai kai ta ƙarfi ba. Takardar da kanta ta riga ta fara aiki a kan zoɓon. Wannan riba ce ga darasin. Shafi ya zama shunayya, duk inda aka ja layi da lemon tsami ja zai dawo, duk inda aka ja da ruwan kanwa kore zai fito. Launi uku ke nan, ba a sayi fenti ba.

Amma fa ba kowace takarda ce take yin haka ba. A kan kwalin katan mai ruwan ƙasa zoɓo yakan dushe, da ƙyar a ga bambancin. A fuskar kalanda mai sheƙi ruwan ba ya zama, sai ya taru ɗigo-ɗigo. Takardar littafin rubutu tana da sirantaka, takan yamutse, in yaro ya danna ta huje. Wadda ta fi dacewa ita ce takardar A4 da aka riga aka buga abu a fuska ɗaya, irin wadda take taruwa a ofis da shagon buga takardu. Bayanta fari ne, kuma sau da yawa kyauta ake samu. A dai duba kada a kwaso takardun da ke ɗauke da sunaye da sirrin mutane, kuma a ware duk wadda ke da ayoyi ko sunan Allah. Ka'idar ita ce malami ya yi gwajinsa a kan ainihin takardar da yara za su riƙe, ba a kan wata da ya samu a gida ba.

Launi na huɗu shi ne baƙi, kuma a nan ba ma bukatar wani ya koya mana. Makarantar allo ta daɗe tana yin tawada da gawayi ko baƙin gindin tukunya da ƙaro. Abin da ya kamata malami ya fahimta shi ne bambancin da ke tsakanin zoɓo da gawayi. Zoɓo rini ne, yana narkewa a ruwa, yana shiga cikin jikin takarda, ba ya neman abin da zai riƙe shi. Gawayi kuwa gari ne. Ko an niƙa shi ya yi laushi kamar me, ba ya narkewa, yana yawo ne kawai a cikin ruwan. Da ruwan ya bushe sai garin ya zauna a kan takarda, hannu na taɓa shi ya goge. Aikin ƙaro shi ne ya manne shi. Ƙaron nan na bishiyar ɗakwara, wanda ake samu a Barno da Yobe da Jigawa, kuma Sudan da Cadi suke fitar da shi da yawa zuwa ƙasashen waje, shi ne dai abin da kamfanoni suke ɗaure fentin ruwa na kanti da shi. Wato tawadar almajiri da fentin da ke cikin hoton littafin ɗalibi tushensu ɗaya ne.

Lissafin kaya

A ɗauka aji huɗu ne, yara sittin, kuma jadawali ya ba da darasi biyu a haɗe, minti 70. In minti 35 kawai ake da shi, gara a roƙi hedimasta ya haɗa biyu, ko a raba aikin kwana biyu, domin rabon kaya da wanke su kaɗai za su cinye kusan rabin lokacin. Yara sittin za a raba su rukuni goma, shida-shida. Daga nan duk sauran lissafin yake fitowa.

Kowane yaro zai samu rabin takardar A4, ke nan takarda 30 za a yanka biyu. Sai wasu goma da za a yayyanka kowacce gida shida, domin kowa ya samu 'yar ƙaramar takardar gwaji. Shafe rabin A4 da zoɓo yana cin kamar ƙaramin cokali ɗaya, wato wajen mililita 5. Yara sittin, mililita 300. In aka haɗa da wanda zai zube da na shafa takardun gwaji, rabin lita ya isa, cikin robar ruwa guda ke nan. Zoɓon zane ya fi na sha kauri nesa ba kusa ba. A zuba busasshen zoɓo cikin gwangwanin madara biyu a lita ɗaya ta ruwa, a zaɓi mai duhun nan, a bar shi a ƙaramar wuta har ruwan ya ragu sosai, a tace da ƙyalle, a matse. Ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Sukari zai sa takarda danƙo, ya kuma gayyato ƙudaje da tururuwa. Yadda ake gane ya yi shi ne a ɗiga a takarda a bari ya bushe. In ya bar tabo mai ƙarfi, ya yi. In ya bar wani fatsi-fatsi da sai an ƙura ido, a mayar da shi wuta.

Lemon tsami guda goma sun wadatar, a matse, a tace 'ya'yan, kada a tsarma da ruwa. Kanwa ita ce mai bukatar hankali. A daka ta, a zuba ƙaramin cokali ɗaya a kofin shayi na ruwa, a motsa, a bari ta kwanta, a tsiyaye na sama. Kanwar kasuwa ba ƙarfinta ɗaya ba, saboda haka wannan awo mafari ne kawai. A gwada a kan takardar da aka shafa zoɓo ta bushe. In layin ya tsaya a shuɗi mai toka bai kai kore ba, a ƙara kanwa kaɗan. In ya yi kore nan take sannan kafin minti biyu ya koma ɗorawa-ɗorawa ko ruwan ƙasa, ta yi yawa, ta ƙona launin, sai a ƙara ruwa. Abin da ake nema shi ne koren da zai tsaya bayan ya bushe.

Ƙaro ana jiƙa shi ne tun daren jiya: awo ɗaya na dakakken ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi. Da safe a tace, domin ba ya rasa ɓawo da yashi. Gawayi a zaɓi mara nauyi, a daka, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi, ba rariya ba, sannan a sake niƙawa da ɗan ruwa a kan dutse ko bayan faranti har ya daina ƙaras-ƙaras a tsakanin yatsu. Cokali ɗaya na wannan a cokali ɗaya na ruwan ƙaro, sannan a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ya iya bin alƙalami. Gwajinsa ma a yatsa yake. A ja layi, a bari ya bushe, a murza. In yatsa ya yi baƙi, ƙaro ya yi kaɗan. In layin yana ƙyalli yana tsattsagewa idan an lanƙwasa takardar, ƙaro ya yi yawa.

Sai mazubi da abin shafawa. Kowane rukuni yana bukatar mazubi huɗu, arba'in ke nan gaba ɗaya. Gwangwanin madara ko na tumatir yana da kaifin baki, marfin kwalba kuma ya yi ƙanƙanta, da ɗan taɓawa ya kife. Gindin robar ruwa da aka yanke a tsayin yatsu biyu ya fi su duka, yana da faɗi, yana zama daram, kuma ana ganin abin da ke ciki. Malami ne zai yi yankan, ba yara ba. Su aikinsu su kawo robobin, kuma a faɗa musu tun saura mako biyu, don in an ce gobe, rabin aji za su manta. Na shafa zoɓo, tsumma ne a ɗaure a kan ɗan kara, biyu ga kowane rukuni. Na zanen lemo da kanwa, tsinke ne mai kauri a naɗa masa 'yar auduga a baki, ko asuwaki da aka daddaka bakinsa ya yi gashi. Shida ga kowane rukuni, uku na lemo, uku na kanwa. Na tawada kuwa alƙalamin kara irin na makarantar allo, uku-uku.

Akwai wani ƙaramin aiki da in aka tsallake shi darasin duka zai iya lalacewa: a yi wa tsinkayen alama. Ruwan lemo da ruwan kanwa dukansu kusan fari ne. Yaro zai ɗauki tsinken kanwa ya tsoma a lemo, biyun su kashe juna, kafin minti biyar rukunin nan suna jan layi ba abin da yake fitowa. A ɗaura jan zare a tsinken lemo da mazubinsa, koren zare a na kanwa. Zaren yana gaya wa yaro launin da zai samu tun kafin ya tsoma.

Abin da ba a kawowa aji

Neman launi kyauta yana iya kai mutum ga abin da zai cutar da yara. Baƙin garin da ke cikin tsohon batir yana ba da baƙi mai kyau, amma sinadarai ne da ba su dace da hannun yaro ba. Kwalli na gargajiya, wani daga cikinsa dutsen dalma ne. Soda ta haɗa sabulu ba 'yar'uwar kanwa ba ce a wannan aiki, tana ƙona fata, tana makantarwa. Ƙullin tumfafiya da 'ya'yan zurma ma a bar su inda suke. In kuma za a yi amfani da ƙasa mai launi a wani darasi na gaba, a san inda aka ɗebo ta. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa don neman zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, kuma ta cikin ƙasar tsakar gida da ƙura ta shiga jikinsu. Ƙasar kusa da wurin haƙar ma'adinai, ko bola, ko garejin gyaran batir, ba ta shiga aji.

Ko kayan da muka zaɓa suna da ɗan nasu. Lemo da kanwa suna da zafi a ido, don haka a ajiye butar ruwa mai tsabta a gaban aji. Kuma zoɓo zoɓo ne a idon yaro. Akwai wanda zai kurɓa, musamman in ya kwana biyu ya fara tsami. A faɗa tun farko cewa wannan ba na sha ba ne, a kuma dafa shi jiya-jiya, ba tun makon jiya ba.

Minti saba'in

Manufar darasin, kamar yadda za a rubuta ta a littafin shirin darasi, jimla ɗaya ce: a ƙarshen darasi kowane ɗalibi zai fitar da launi uku daga ruwan zoɓo, ya yi amfani da su wajen zana ado mai maimaituwa, ya kuma faɗi abin da ya ba da kowane launi. Manufa irin wannan ana iya dubawa a gani ko ta cika. Irin waccan da aka saba rubutawa, cewa yara za su fahimci muhimmancin launuka, babu malamin da zai iya nuna ta a takardar yaro.

Minti biyar na farko na kallo ne. Malama ta shigo da faifai, ko hular zanna, ko zananniyar ƙwarya, ta ɗaga, ta tambayi wane zane ne yake ta dawowa. Yara za su nuna layi mai zigizagi, da 'yan kusurwoyi, da ɗige-ɗige. Ta zana uku daga ciki a allo, manya. Zaɓen ado maimakon a ce kowa ya zana abin da ya ga dama yana da dalilai. Tsinke mai auduga ba ya yin siririn layi, ba zai iya fitar da fuska ko mota ba, amma yana yin zigizagi da ɗigo da kyau. Yaron da ya ce bai iya zane ba, ya iya jan layi. Sannan iyayen da ba sa son a koya wa 'ya'yansu zana abu mai rai ba su da abin ƙorafi a nan. Tambarin dagi yana jan hankalin malamai, sai dai saƙarsa ta fi ƙarfin aji huɗu a zama ɗaya.

Minti takwas na gaba na nuni ne, kuma ana yin sa ne kafin a raba kaya. Muddin mazubi ya sauka a kan benci, babu wanda zai sake kallon malama. Ta manna takardar da ta shafa jiya a jikin allo, ta ɗauki tsinke mai koren zare, ta nuna musu cewa ruwan da ke ciki fari ne.

"Wa zai faɗa mini kalar da za ta fito?"

"Fari, Malama!"

"To, ku duba."

Ta ja layi ɗaya a hankali. Kore ya biyo bayan tsinken. A nan ajin yakan ɗauki hayaniya, kuma bai kamata a yi saurin tsawatarwa ba. Sai ta ja na lemo kusa da shi. Sannan da gangan ta nuna musu ɓarnar: ta tsoma tsinken kanwa a wani ɗan mazubin lemo da ta ware, ta ja layi, su ga bai ba da komai ba. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fi kiyayewa a kan wanda aka yi wa gargaɗi da baki.

Rabon kaya minti bakwai. Kowane rukuni yana da shugaba, shi kaɗai yake tasowa. A wannan zagaye zoɓo da tsumma da takardu kawai ake bayarwa, kuma kowa ya rubuta sunansa da fensir a bayan takardarsa kafin ta jiƙe. Jerin aikin daga nan yana bin halin kayan ne. Kanwa a kan jiƙaƙƙen zoɓo tana bazuwa ta yi dabbare-dabbare, a kan busasshe kuwa tana ba da layi mai tsabta. Don haka abu na farko da yara za su yi shi ne su shafe babbar takardarsu, shafi ɗaya mara kauri, daga sama zuwa ƙasa, su ture ta gaban benci. Yayin da take bushewa sai shugabanni su karɓo lemo da kanwa da ƙananan takardun da malama ta riga ta shafa jiya, kowa ya yi gwaji a kan tasa. Shafawa da gwajin su ne minti goma na gaba. Da hunturu takarda takan bushe kafin a gama gwajin. Da damina ba za ta bushe ba, saboda haka a wannan lokaci gara a shafe manyan ma tun jiya, 'yan aji su taya malama bayan an tashi.

Babban aikin minti ashirin da biyar ne. Umarnin gajere ne: layuka biyar na ado daga gefe zuwa gefe, aƙalla biyu ja, biyu kore, a bar shunayyar shafi tana leƙowa a tsakani. Bayan minti goma malama ta tafa, masu jan zare su yi musaya da masu kore. Tawada ba ta fitowa sai minti takwas na ƙarshe, domin in baƙi ya zo da wuri shi zai mamaye komai, kuma yana narkewa in ya haɗu da layin da bai bushe ba. Aikinsa ɗigo ne da siririn layi a gefen adon.

Malama ba ta zama a wannan lokaci. Tana zagayawa, kuma takardun suna gaya mata matsalar kowane rukuni. Inda layuka suka bazu, ko dai shafin bai bushe ba, ko yaro yana ɗebo ruwa da yawa, sai ta nuna masa ya goge bakin tsinke a gefen mazubi. Inda takarda ta fara saɓulewa, ana maimaita wuri ɗaya ne da ƙarfi. Inda rukuni duka suka ce nasu ba ya yi, a duba mazubin lemo, za a tarar ya yi shuɗi-shuɗi ko ya gurɓace, an haɗa tsinkaye. Shi ya sa ake rage kashi ɗaya cikin uku na kowane ruwa a kan teburin malama, kada a rabar da shi duka a zagayen farko. Abin da ya fi wuya ga malami shi ne ya hana hannunsa gyara wa yaro zane. Ya nuna a kan tasa takardar, ya bar ta yaron.

Saura minti goma sha biyar. Takwas na kallon aiki, bakwai na shara da wanki, kuma wannan na ƙarshen a rubuce yake cikin tsarin darasi kamar kowane mataki, in ba haka ba malamin lissafi ne zai shigo ya tarar da benci jiƙe. A jera takardun a baranda cikin inuwa, a ɗora tsakuwa a kan kowacce, yara su zagaya. Tambayoyin malama su bi manufar: me ya ba da wannan koren? Me ya sa na wance ya fi na kusa da shi haske? Wane zane ne ya maimaitu a nan? In za a ba da maki, abu uku ake dubawa, wato launukan uku sun fito, adon ya maimaitu, kuma yaron ya iya faɗin abin da ya ba da kowanne. Kyawun hannu ba ya cikin lissafi, domin ba shi aka koyar ba.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa yara kafin su tafi da aikinsu gida: zoɓo ba ya daɗewa. In aka manna takardar inda rana take dukanta, a hankali ja da koren za su dushe su koma ruwan ƙasa, baƙin gawayin ne kawai zai tsaya yadda yake. Ana iya mayar da wannan darasi. A zaɓi takarda ɗaya, a raba ta biyu, a manna rabi a jikin taga, a sa rabi cikin littafi, bayan mako uku a fito da su a kwatanta. Daga nan hanya ta buɗe zuwa darasi na biyu, na launukan ƙasa, waɗanda rana ba ta cin su. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu a Jigawa ya shekara ɗaruruwa, kuma har yau ana ganin jansa.

Shirin wannan darasi na biyu yana ɗaukar kwana biyu, don haka ana fara shi tun da wuri. A zuba jan ƙasa a bokiti, a cika da ruwa, a dama sosai, a jira kamar minti ɗaya yashi da tsakuwa su nutse, sannan a tsiyaye jan ruwan sama a wani bokitin a bar shi ya kwana. Da safe za a ga ruwa garau a sama, laka mai santsi a ƙasa. A zubar da ruwan a hankali, a haɗa lakar da ruwan ƙaro kamar yadda aka yi wa gawayi, a yi mata gwajin yatsa. Farar ƙasa ko ragowar guntayen alli na aji su ba da fari. Ja da fari da baƙi na wannan rukuni suna rufe abin da ke ƙarƙashinsu, saboda haka kwalin katan da bai yi wa zoɓo ba shi ne ya fi dacewa da su, kuma a kansu ne za a koyar da yadda launi ɗaya yake haske in an ƙara masa fari, yake duhu in an ɗiga masa baƙi.